Kunne a Kasuwar Dantokpa

Motar da ta ɗauko mu daga iyakar Seme ta shiga Kwatano ta unguwar Akpakpa da hantsi. Kafin mu gama hawa gada mun hango kasuwar shimfiɗe a bakin ruwa, rufin kwano ya haɗe da rufin kwano har inda ido ya tsaya. Wannan ita ce Dantokpa, wadda mutanen gari ke taƙaita sunanta su ce Tokpa. Tana gaɓar mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku, ana kuma lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin gadar kwale-kwale ne ke sauke kifi da itace, a samanta kuwa 'yan acaɓa ne masu rawayar riga, waɗanda ake kira zemijan ko zem, suna kwarara ba ƙaƙƙautawa.

Abokin tafiyata wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari, wanda ya daɗe yana sarin atamfa a wannan hanya. Bai taɓa zama a ajin Faransanci ba, ba ya iya karanta allon shago, amma ban ga wanda ya ruɗa shi a ciniki ba. A wurinsa na fahimci abin da nake son faɗa a nan: Faransancin kasuwa aikin kunne ne kafin ya zama aikin baki. Ba a yin asara a Dantokpa don an karya nahawu. Ana yin asara ne idan aka ji lamba ba daidai ba, ko aka ɗauka ana magana kan wani ma'auni alhali wani ake nufi. Saboda haka zan rubuta kalmomin yadda kunnen Bahaushe ke jin su. Na bar harafin v da p inda sautin ya tilasta, kuma n ɗin ƙarshen kalma galibi ta hanci take fita, ba a danna ta da harshe.

Mun sauka a Zango, unguwar da Hausawa da sauran Musulmin arewa suka daɗe da zama, kusa da tashar Jonke. A nan mutum zai iya wuni bai furta kalmar Faransanci ko ɗaya ba, ga mai shayi, ga mai canji, ga masallaci. Amma da ya tare zem zuwa kasuwa, lamarin ya sauya. Yawancin matan da ke riƙe da rumfunan Dantokpa harshen Fon suke yi a tsakaninsu, wasu Gun, wasu Mina, wasu Yarabanci. Faransanci shi ne harshen hukuma tun kafin ƙasar Benin ta sami mulkin kai a 1960, lokacin ana kiranta Dahome, kuma shi ne suke miƙa wa baƙo. Su ma ba na littafi suke yi ba. Gajere ne, mai sauri, an sauke masa duk wani nauyi.

Gaisuwa ba ta da wuya, kuma tsallake ta laifi ne kamar yadda yake a gida. Da safe a ce bonjur, da rana ta karkata a ce bonsuwar. Dattijuwa a kira ta maman, wadda ba ta kai haka ba tanti ko madam, namiji kuma tonton ko patiron. Sau da yawa ita za ta riga ka da bon arive, wato sannu da zuwa. Akwai kalma ɗaya da ta faranta mini rai, dusuman. Asalinta a hankali ne, amma a Kwatano idan ka yi tuntuɓe, ko mai turin kaya ya goge ka, ita za ka ji daga ko'ina, daidai inda mu za mu ce sannu. Idan aka ja hannun rigarka zuwa rumfar da ba ka da niyya, je regard selman ta wadatar, ma'ana kallo kawai nake yi.

Daga nan sai tambayar da kowa ya sani, se kombiyen, nawa ne. Koyonta bai fi minti ɗaya ba. Wahalar tana cikin amsar.

Ƙirgen farko ga shi: en, de, turwa, katir, senk, sis, set, wit, nef, dis. Ɗari san, dubu mil. Wanda ya haddace wannan zai ɗauka ya gama, sai ya shiga kasuwa ya tarar kalmomin suna sauya kama idan suka jingina da dubu. Shida da goma da takwas suna zubar da harafinsu na ƙarshe: dubu shida si mil, dubu goma di mil, dubu takwas wi mil. To ga dubu biyu, de mil, ga dubu goma, di mil, ga kuma dubu goma sha biyu, duz mil. A cikin hayaniyar injin niƙa da ƙahon babura, tazarar da ke tsakanin waɗannan uku ba ta wuce motsin leɓe ba, amma a aljihu tazarar dubu takwas ce ko goma. Alhaji ya ce mini, “Malam, duk wanda ka ga ana rigima da shi a bakin rumfa yana rantsuwa an sauya masa magana, je ka bincika, de da di ne.” Na ga irin wannan rigima da idona a layin masu takalma. Wani saurayi da ya zo daga Najeriya ya miƙa takardar dubu biyu yana murna ya yi arha, mai kaya tana nuna masa yatsu goma, kowannensu kuma yana da gaskiya a zuciyarsa.

Abu na biyu shi ne yankan wutsiya. Dubu ɗaya da ɗari biyar a cike mil senk san ne, amma ba mai tsayawa faɗin haka. Mil senk za a ce, a bar san ɗin a ciki. De mil senk dubu biyu da ɗari biyar ke nan, ba dubu biyu da tamma biyar ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba jin “biyu da rabi” a Kwari, sai dai dole a san da shi tun kafin a ji.

Na ukun shi ne wanda ya fi cin mutane, kuma laifin na Faransancin ne kansa. Daga ashirin zuwa sittin komai a miƙe yake: ven, tirant, karant, senkant, suwasant. Daga nan sai harshen ya koma lissafi. Saba'in suwasant-dis ne, sittin da goma. Tamanin katir-ven, ashirin sau huɗu. Casa'in katir-ven-dis, ashirin huɗu da goma. Illar wannan ita ce kunne yana cafke farkon kalma ya saki ƙarshenta. Aka ce suwasant-kenz mil, kai ka ji sittin ka tsaya, alhali dubu saba'in da biyar aka ce, domin kenz sha biyar ne. Aka ce katir-ven-kenz, ka ji huɗu da ashirin, ka rasa inda aka dosa, ga shi casa'in da biyar ake nufi. Maganinsa haƙuri ne. Duk lambar da ta fara da suwasant ko katir-ven, kada ka fassara ta sai mai magana ya rufe baki.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da nasu ƙarin aikin. Kuɗin dai ɗaya ne, sefa, wadda ƙasashe takwas na yankin ke amfani da ita, kuma tun 1999 aka ɗaure ta a kan 655.957 ga yuro ɗaya. Amma a Hausar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, jika kuma dubu ɗaya. Idan ɗan Nijar ya ce ɗari, tamma ɗari biyar yake nufi, abin da Faransanci zai kira senk san. Wannan ya shafi ɗan Kano ma, domin wanda zai yi masa tafinta a Zango sau da yawa ɗan Nijar ne. Idan ya juyo ya ce maka “ta ce ɗari uku,” tambaye shi, dala ko tamma? Dala ɗari uku ita ce mil senk ɗin nan da muka gani.

A ɓangaren atamfa na ga yadda duk wannan ke aiki a ciniki guda. Rumfar wata dattijuwa ce, kaya jere har rufi, tana zaune a kan kujera mai tsawo da jakar kuɗi ɗaure a ƙugu. Bayan gaisuwa Alhaji ya ɗora hannu kan wata atamfa mai ruwan goro. Bai ce se kombiyen kawai ba. Cewa ya yi, “La demi-piyes, se kombiyen, maman?”

Dalilin wannan ƙari shi ne ma'auni. A kasuwannin Faransanci ana sayar da atamfa da panyi, wato zane ɗaya, yadi biyu. Piyes cikakkiya yadi goma sha biyu ce, zane shida. Turmin da muka sani, mai yadi shida, rabinta ne, shi ake kira demi-piyes ko turwa panyi. Bahaushen da ya ɗauka piyes ita ce turmi zai ji kuɗin ya ninka abin da ya sani, ya yi fushi ya wuce, alhali turmi biyu aka yi masa kuɗi. Wanda kuma aka faɗa wa kuɗin panyi ɗaya zai ɗauka ya tsinci dami a kala, sai an zo biya ya ga an ninka sau uku. Duk tambayar da ba ta ɗauke da ma'auni a cikinta rabin tambaya ce.

Ta ce, “Duz mil senk.” Dubu goma sha biyu da ɗari biyar.

Alhaji ya maimaita a hankali, “Duz?” yana jan z ɗin. Ta gyaɗa kai. Sannan ya saki kayan ya ce, “Se turo sher, maman. Diminuwe en pe.” Ya yi tsada, rage kaɗan. Ta mayar masa da tambayar da kowace mai rumfa ke yi, “Vu done kombiyen?”, nawa za ka bayar. Ya ce nef mil, dubu tara. Ta tafa hannu, ta kau da kai, ta faɗi wata magana da Fon wadda ta sa maƙwabciyarta dariya, sannan ta ce, “Ajute, patiron, ajute.” Wannan ita ce albarkar wurin, ƙara dai.

A nan ne ya fito da abin da ya ɓoye. Ya ce, “An guro. Je piran dis.” Sari nake yi, goma zan ɗauka. An guro sari ne, an detay sayen ɗai-ɗai. Na lura bai faɗi yawan ba sai da ya ji kuɗin guda, kuma ina ganin dabarar daidai ce: wanda ya fara da cewa goma yake so ya ba da makaminsa kafin a fara, domin za a ɗora ragin sarin a kan kuɗin da aka riga aka kumbura. Ta sauko onz mil, dubu goma sha ɗaya. Ya hau di mil. Ya tambaya, “Derniye piri?”, wato kuɗin ƙarshe, gaskiyar magana. Ta ce di mil senk. Ya yi shiru kaɗan, ya juya gefen atamfar ya duba rubutun bakinta da bayanta, domin a gane ko rinin ya ratsa duka fuska biyu. Ya ce dakor, na yarda. Ita kuma ta ce, “Amene larjan,” kawo kuɗi, wanda shi ne sallamawa.

Turmi goma a kan 10,500 ya kama 105,000. A Faransanci san senk mil. Juya kalmomi biyu na farko, senk san mil, ya zama 500,000. Shi ya sa kafin ya taɓa aljihu Alhaji ya miƙa mata wayarsa ya ce, “Ekirive, sil vu pile,” rubuta don Allah. Ta danna lambar, ya gani, ta gani. Ba ta ji haushi ba, kuma ban ga inda aka ji haushin wannan ba a duk kasuwar. Ko ɗan gari yana yi idan kuɗin ya yi nauyi. Ya nemi resu, wato rasit, saboda hanya, sannan ya yi murmushi ya ce, “E mon kado?” Kado kyauta ce, a kasuwa kuma ita ce gyara. A wurin masu tumatir da barkono, waɗanda ke kasa kaya kashi-kashi suna kiran kowane kashi ta, gyara kusan haƙƙi ce. A wurin atamfa sai an ga dama. Ta ba shi ɗan ƙyallen ɗankwali.

Saura maganar canji. Larjan kuɗi ne, amma mone canji ne, kuma jumlar da za ka fi ji a Kwatano bayan gaisuwa ita ce ya pa mone, babu canji. Takardun sefa 500 ne, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000, kuma mai canji a iyaka manyan yake son ba ka. Ka miƙa wa mai ruwan sanyi takardar dubu goma, ka sayi tsayuwar rabin awa, yarinyarta ta shiga kasuwa neman canji. Tun a wurin canji ka nemi ƙananan takardu da tsaba, waɗanda ake kira jeton. Kuma kafin ka karɓi kaya ko ka hau zem, tambaya: “Vu zave la mone de senk mil?”, kana da canjin dubu biyar? Tambayar farko ce, ba ta ƙarshe ba.

Sunayen kaya ba su dame ni ba sosai, domin yatsa yana nunawa. Kaɗan ne suka cancanci haddacewa, su ne waɗanda za ka nemi layinsu: shadda bazen, leshi dantel, takalma shosur, gwanjo firipiri. Gwanjon ma a lokacin ba a cikin Dantokpa ya fi yawa ba, a Misebo ne, maƙwabciyarta, inda 'yan kasuwa Ibo suka yi ƙarfi, kuma a can dila sunanta bal, kayan da aka fara tsincewa kuma piremiye shuwa.

Neman hanya shi ne ɗaya wurin da kunne ke yaudarar mutum. Lungunan Dantokpa ƙunci gare su, rumfuna sun rufe sama, ba ka ganin rana balle ka san gabas. Buɗe tambaya da pardon, sannan je shersh, ina neman, ka faɗi abin: “Pardon tanti, je shersh le bazen.” Amsa za ta zo da kalmomi uku da dole a rarrabe. A gosh hagu ne. A durwat dama ne. Tu durwa kuwa miƙe sosai ne, ba dama ba. Dama da miƙewa harafin t ɗaya ne ya raba su a ƙarshe, sai kuma a ko tu da ke gaba. Wanda bai kula ba zai karya kwana inda aka ce ya miƙe, kuma a wannan kasuwa kwana ɗaya ta isa ta kai ka layin kifi alhali shadda kake nema. Dubi hannun mai magana tare da sauraron bakinsa, ka kuma maimaita da naka hannun kafin ka ɗaga ƙafa.

A wajen kasuwa mutanen Kwatano ba su cika kwatance da sunan titi ba, da alama suke yi. Mahaɗar hanya karfur, shataletale rompuwen, fitilar hanya fe, gada pon, gadar masu ƙafa pasarel. Kwalta gudiron ce, titin da aka shimfiɗa wa bulo pave. Akwai kuma von, kalmar da ta zama tambarin Faransancin Benin, wadda ke nufin ƙaramin layi na cikin unguwa. Da muka nemi wani shagon ɗaurin kaya, wani mai gadi ya ce mana, “Tu durwa, deziyem von a gosh, apire la farmasi, an fas de la moske.” Miƙe, layi na biyu a hagu, bayan ka wuce kantin magani, daura da masallaci. Apire na nufin bayan an wuce abu a tafiya, deriyer kuma bayan ginin ne, ta ƙeyarsa. Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya, shi ya sa muke rikita su. An fas yana kallonsa ta tsallaken hanya, a kote yana gefensa.

Da ɗan zem kuma a gama magana kafin a hau. Faɗi wurin, ka ce kombiyen, ka ji ko de san ne, ko turwa san, ko senk san, ka maimaita. Idan ya fara gudu, dusuman ɗin nan ta koma ma'anarta ta asali. Idan ka iso, isi, nan.

Wani zai ce me ya kai ni wannan wahala, ga dillalai a Zango suna jin Hausa, suna jin Faransanci, wasu har Fon? Ba na raina dillali. Ya san rumfar da ke da kaya na gaskiya, ya san wadda ke cusa jabu a tsakiyar ɗauri, kuma la'adarsa halal ce idan an san da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauko jarinsa tun daga Kano ko Katsina, ya tsaya kurma a wurin da ake yanke kuɗin kayansa. Na ga yadda fuskar mai kaya ke sauyawa idan baƙo ya maimaita lambar da ta faɗa kafin tafinta ya buɗe baki. Daga wannan lokaci da shi take ciniki. Dillalin kirki ma ya fi sakewa, domin ba wanda zai zarge shi daga baya.

Gwamnatin Benin ta sanar da shirin kwashe 'yan kasuwar Dantokpa zuwa sababbin wurare, ciki har da babbar kasuwar sari ta Akasato a yankin Abome-Kalabi. Rumfuna na iya tashi, amma lissafin ba zai tashi ba, kuma shi ne za ka tarar a Lome da Abijan da Wagadugu. Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin wannan hanya, kafin ka nemi mai canji nemi wanda ya iya Faransanci a unguwarku, ko ɗalibi ne. Kada ka ce ya koya maka zance. Ka sa shi ya riƙa jefo maka lambobi da sauri, daga de mil da di mil har katir-ven-kenz, kai kuma kana danna su a waya yana dubawa, har ranar da za ka daina kuskure.